Rajistar aikin makin: tambayar osmosis mai maki huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Takardun amsar bayoloji sun iso hannunmu, kuma mun raba aikin tambaya-tambaya. Duk wanda ya ɗauki tambaya ɗaya shi zai bi ta a kan dukan takardun kafin ya taɓa wata. Dalilin yin haka sananne ne ga duk wanda ya daɗe yana makin. Idan ka duba takardar ɗalibi tun daga farko har ƙarshe, amsa mai kyau a shafin farko sai ta sa ka yi masa sassauci a shafi na uku ba ka ankara ba, mummunan rubutun hannu kuma ya sa ka tsananta. Ni da abokiyar aikina mun ɗauki tambaya ta shida, babban malaminmu kuma shi ne mai raba gardama.

Ga tambayar: “An saka jar ƙwayar jini da sel na ganyen tsiro a cikin zallar ruwa. Bayan ɗan lokaci ƙwayar jinin ta fashe, amma sel na tsiron bai fashe ba. Bayyana dalili.” Maki huɗu ne.

Tsarin ba da makin da ya biyo tambayar layi huɗu ne kacal, kowane layi kalma ɗaya da maki ɗaya: osmosis, tantani mai tacewa, bangon sel, da tajid, wato sel ya cika da ruwa ya yi tauri. Kafin mu sa jan biro a kan komai, mun zaro takardu kaɗan daga sama da tsakiya da ƙasan tarin muka karanta kawai. Biyu daga ciki sun isa su nuna cewa tsarin ba zai kai mu ba.

Ta farko ta ce: “Osmosis ne ya faru. Sel na tsiro yana da bangon sel da tantani mai tacewa, sai ya zama tajid. Ƙwayar jini kuma ta yi himolisis.” A tsarin da aka ba mu wannan huɗu bisa huɗu ce. Amma babu inda ɗalibin ya faɗi ina ruwan ya nufa, babu inda ya faɗi aikin da bangon ya yi, himolisis kuwa sunan fashewar ne da tambayar ta riga ta faɗa masa. Hadda ce ya zazzage a kan takarda.

Ta biyu ta ce: “Ruwan da ke waje babu komai a cikinsa, na cikin sel kuwa akwai gishiri da sauran abubuwa, saboda haka ruwa yana ta shiga dukansu biyu. Ƙwayar jini ba ta da bango, sai ta yi ta kumbura har fatarta ta kasa ɗauka. Sel na tsiro bangonsa mai ƙarfi ne, idan ya cika sai bangon ya tura ciki, ruwa ya daina ƙaruwa.” Wannan ɗaliba ta fahimci abin tun daga tushe. A tsarin kalmomi maki ɗaya take da shi, na bangon sel.

Mun ajiye biro.

Laraba, 5 ga Maris

Yau muka sake rubuta tsarin. Abin da muka tambayi kanmu shi ne, cikakken bayanin wannan lamari gaɓa nawa ne, kuma wace gaɓa ce idan aka cire ta bayanin zai rushe? Mun tsaya a kan huɗu, muka ba kowace suna don sauƙin magana.

Makin alƙibla: ruwa yana shiga sel, tare da dalili. Dalilin shi ne zallar ruwa ta fi abin da ke cikin sel fotenshal na ruwa, ko kuma a faɗa da sauƙi cewa cikin sel ya fi waje yawan narkakkun abubuwa. “Ruwa ya shiga” shi kaɗai bai isa ba, domin duk wanda ya ji an ce abu ya fashe a ruwa zai iya cankar haka.

Makin suna: an kira wannan tafiyar ruwan da sunanta, osmosis. Wannan kaɗai ne makin da kalma ke ci a ƙashin kanta, kuma da gangan muka bar shi. Kalmar fanni tana da amfani, ita ce ke sa ɗalibi ya iya karanta littafin gaba, bai kamata a mayar da ita ba komai ba. Sharaɗin kawai kada abin da ke gefenta ya ƙaryata ta.

Makin fashewa: ƙwayar jini ba ta da bango, tantani kawai take da shi, shi ya sa ruwan da ke shiga yake kumbura ta har tantanin ya yage. Dole a haɗa rashin bangon da fashewar.

Makin bango: bangon sel, wanda aka yi da selulos, yana da ƙarfin jure matsin da ke taruwa a ciki, don haka sel ɗin ya cika ya yi tauri ba tare da ya fashe ba.

Da sabon tsarin ɗalibin farko ya sauko zuwa maki ɗaya, ɗaliba ta biyu ta hau zuwa uku, makin suna kawai ta rasa. Abokiyar aikina ta ce: “Malam, ba ka ganin mun yi wa na farkon tsauri? Ai ya yi karatu.” Na ce ya yi, kuma makin karatun nasa ne ya samu. Tambayar cewa ta yi a bayyana dalili, da lissafo sunaye aka ce a yi, da huɗun nasa ne ba gardama. Kalmar umarnin da ke cikin tambaya ita ke faɗin irin abin da maki zai biya.

Tantani mai tacewa da tajid mun mayar da su cikin jerin abin da ake karɓa amma ba a wajabta ba. Wanda ya rubuta tajid a wurin “ya cika ya yi tauri” ya yi daidai, wanda bai rubuta ba bai yi asara ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mun ɗauki takardu 40, kowannenmu ya yi makinsu shi kaɗai a takardarsa ta daban, ba wanda ya ga na wani. Maimakon jimla kawai, mun rubuta e ko a'a a ƙarƙashin kowane maki daga cikin huɗun. Wannan ya ƙara aiki, amma ya biya. Akwai takardun da dukanmu muka ba biyu bisa huɗu, da jimla kaɗai muka duba sai mu ce bakinmu ɗaya, alhali ni alƙibla da suna na bayar, ita suna da bango ta bayar. Saɓani biyu ne suka share juna.

A makin bango ne gizo ke saƙar. Daga cikin 40 ɗin, 14 dukanmu mun bayar, 16 dukanmu mun hana, 7 ni kaɗai na bayar, 3 ita kaɗai ta bayar. Mun dace ke nan a 30, wato kashi 75 cikin ɗari. Adadin yana da daɗin ji, sai dai idan mutum ya tuna cewa maki ne na e ko a'a, mutum biyu da ke canka da ido rufe ma za su dace a kusan rabi. Wannan ne abin da ma'aunin kaffa yake cirewa, wanda Jacob Cohen ya fito da shi a 1960:

κ = (po − pe) / (1 − pe)

A nan po shi ne dacewar da aka gani, pe kuma dacewar da za a samu ko da sa'a ce kawai. Ni na ce e a 21 cikin 40, wato 0.525, ita a 17, wato 0.425. Damar mu ce e tare bisa sa'a ita ce 0.525 sau 0.425, damar mu ce a'a tare kuma 0.475 sau 0.575. Idan aka haɗa su pe ya kama kusan 0.50. Kaffa ke nan 0.25 a raba da 0.50, wato kusan 0.50. A rabe-raben da Landis da Koch suka yi a 1977, daga 0.41 zuwa 0.60 matsakaiciyar dacewa ce. Ga makin da zai shiga sakamakon ɗalibi, matsakaici bai wadatar ba.

Wani abu kuma da lambobin suka nuna, bakwai da uku ba daidai suke ba. Da saɓanin ruɗewa ce kawai, da ya rabu kusan biyar da biyar. Karkatar da ya yi tana nufin akwai wata irin amsa da nake karɓa ita tana ƙi. Gobe za mu zauna a kan takardu goman.

Makin suna ya ba mu wani darasin daban game da ma'aunin kansa. Mun dace a 37 cikin 40, amma kaffa ya fito 0.53, kusan ɗaya da na makin bango. Dalili, kusan kowa ya rubuta osmosis, saboda haka pe ya haura zuwa 0.84, ɗan wurin da ya rage kaɗan ne, takardu uku kacal suka ja adadin ƙasa. Idan maki ya zama kusan kowa yana ci ko kusan kowa yana faɗuwa, kaffa yana tsorata mutum a banza. Ban damu da wannan ba, takardu ukun kawai za mu duba.

Jumma'a, 7 ga Maris

Takardu bakwai ɗin da ni kaɗai na ba makin bango, biyar daga ciki magana ɗaya suke yi: “Sel na tsiro yana da bango da ke kare shi, shi ya sa bai fashe ba.” Ni na karanta “kare shi” a matsayin jure matsi. Ita ta ce ba a san daga me yake kare shi ba. Sai ta jawo takardu uku daga cikin waɗanda muka hana tare, waɗanda suka ce ƙarara bangon yana hana ruwa shiga, ta aza su kusa da biyar ɗin. Ta ce: “Malam, ta yaya ka san waɗannan biyar ba wannan suke nufi ba?”

Ba yadda za a yi a sani, kuma nan ne maganar take da nauyi, domin “bango yana hana ruwa shiga” shi ne babban kuskuren fahimta a wannan darasi. Bangon selulos ruwa yana ratsa shi salin-alin, har da yawancin narkakkun abubuwa. Tacewar a tantanin da ke cikinsa ake yin ta. Sel na tsiro yana shan ruwa kamar yadda ƙwayar jini ke sha, bambancin shi ne abin da ke faruwa bayan ruwan ya shiga. Abin da ke ciki yana kumbura ya danni bango, bango ya ƙi miƙewa, matsi ya taru. A lissafi ana rubuta shi haka:

Ψ = Ψs + Ψp

Ψ shi ne fotenshal na ruwa. Ψs ɓangaren narkakkun abubuwa ne, kullum ƙasa da sifili yake. Ψp ɓangaren matsi ne, yana hawa yayin da sel ke cika. Idan matsin ya kai ya share ɗayan, jimlar ta zama sifili daidai da zallar ruwa, daga nan ruwan da ke shiga da wanda ke fita sun yi kunnen doki. Ƙwayar jini ba ta da abin da zai tara mata wannan matsin, shi ya sa ba ta kaiwa wannan matsayi. Ɗalibin da ya ce bango ya toshe ruwa ya samu sakamakon daidai da dalili na ƙarya, kuma tambayar tamu dalili take nema.

Hukuncin da muka yanke: “kariya” ko “ƙarfi” su kaɗai ba sa cin makin bango. Sai an ga ɗaya daga cikin biyu, ko dai an ambaci matsi ko kumburin da bangon ke jurewa, ko kuma a wani wuri a cikin amsar ɗalibin ya riga ya faɗi cewa ruwa ya shiga sel na tsiron. Idan ya faɗi haka, to “kare shi” ba ta da wata ma'ana sai ta jurewa, sai a ba shi. Biyu daga cikin biyar ɗin sun tsira ta wannan hanya, uku sun faɗi.

Ukun da ita kaɗai ta bayar kuwa, duk sun rubuta tajid ba tare da sun ambaci bango ba. Tsohon tsarin ne ya biyo ta. Mun ƙara layi a tsarin: tajid ba tare da bango ba, babu maki.

Sai muka kai ruwa rana a kan wani abu da ya fi wannan. Ɗalibin da ya ce ruwa ya shiga ƙwayar jini saboda cikinta ya fi yawan narkakkun abubuwa, amma bango ya hana shi shiga sel na tsiro, shin ya ci makin alƙibla? A rubutunmu na Laraba mun ce “ruwa yana shiga sel”, ba mu ce guda ko duka biyun ba. Ita tana ganin a hana, tunda rabin maganar ƙarya ce. Ni ina ganin kuskuren guda ɗaya ne, kuma makin bango ya riga ya hukunta shi. Idan aka sake cire makin alƙibla, an caje shi sau biyu a kan laifi ɗaya, ya zama daidai da wanda bai san inda ruwan ya nufa ba sam, alhali ba ɗaya suke ba. Babban malaminmu ya saurare mu ya ce a bar kowane maki ya auna abu ɗaya. Makin alƙibla na duk wanda ya kawo alƙibla da dalilinta ne, ko a sel ɗaya. Irin wannan ɗalibi zai iya tashi da uku bisa huɗu. Abokiyar aikina ba ta gamsu ba, ta ce uku sun yi yawa ga mai ɗauke da wannan kuskuren a kansa. Hujjarta ba ta banza ba ce, amma gyaranta sai an canza nauyin makin, a ba bango biyu, wannan kuma ba a yin sa bayan ɗalibai sun riga sun rubuta. Mun rubuta shi a gefe don mai tsara tambayar baɗi.

Talata, 11 ga Maris

Wasu sabbin takardu 40 da gyararren tsari. Makin bango: 17 mun bayar tare, 19 mun hana tare, biyu ni kaɗai, biyu ita kaɗai. Dacewa kashi 90, kaffa kusan 0.80, kuma saɓanin ya rabu daidai. Mun fara makin na gaske. Mun ware takardu shida da muka yarda da makinsu mu uku, daga mai sifili zuwa mai huɗu, kowa ya riƙe kwafi a gabansa don komawa idan ya yi shakka.

Alhamis, 13 ga Maris

Yanzu makin alƙibla ne ke cin lokaci. Jimlar da ta fi yawa ita ce: “Ruwa yana tafiya daga inda aka fi yawa zuwa inda aka fi ƙaranci.” Yawan me? Idan yawan ruwa ɗalibin ke nufi, ya yi daidai. Idan yawan gishiri yake nufi, ya juya lamarin baibai. Jimlar haddar ma'anar bazuwar abubuwa ce da suka koya kafin osmosis, suka ɗauko ta ɗungurungum. Ka'idarmu ita ce mu nemi amsar a cikin takardar, kada mu nema a cikin zuciyarmu. Idan jimla ta gaba ta ce “wato daga zallar ruwa zuwa cikin sel”, ɗalibin ya warware da kansa, ya ci. Idan ya bar ta a rataye, ba ma cike masa gurbi. Malamin da ya san darasi yana da wannan rauni, idonsa yana ƙarasa abin da ɗalibi bai rubuta ba, domin shi ya san ƙarshen jimlar.

Masu amfani da fotenshal na ruwa su ma suna da nasu ramin, kuma abin tausayi yawanci ɗalibai ne masu ƙoƙari. Zallar ruwa fotenshal ɗinta sifili ne, kuma a matsin iska na yau da kullum shi ne mafi girma. Duk abin da aka narkar a ciki ƙasa yake jan shi. Cikin ƙwayar jini yana wajen −750 kPa. Wani ya rubuta: “Ƙwayar jini ta fi fotenshal na ruwa girma, shi ya sa ruwa ya shiga cikinta.” Na tabbata 750 ya gani ya fi sifili, ya manta da alamar ragi. Alƙiblarsa daidai ce, dalilinsa a juye. Makin alƙibla yana buƙatar duka biyun, saboda haka babu. Da ya rubuta da sauƙi cewa cikin ya fi gishiri, da ya ci. Wannan yana damuna, domin kamar muna hukunta wanda ya yi ƙoƙarin hawa sama ne. Amma kalmar fanni da aka yi amfani da ita a juye shaida ce ta rashin fahimta, ba zan iya yin kamar ban gan ta ba.

Mun kuma rubuta ka'idar karo da juna, wadda tun farko muke aiki da ita ba a rubuce ba. Wanda ya ce “ruwa ya shiga ta osmosis da jigila mai cin kuzari” ya rasa makin suna, domin osmosis ba ya buƙatar kuzarin sel, kuma jera biyun kame-kame ne, a jefa duka ko ɗaya zai kama. Haka wanda ya ce osmosis ne ya shigar da gishiri. Amma ƙarin bayanin da ba daidai ba kuma bai shafi makin ba, ba ya rage komai. Da yawa sun ce cibiyar ƙwayar jinin ta fashe, alhali balagaggiyar jar ƙwayar jinin mutum ba ta da cibiya. Kuskure ne, muna ja masa layi, amma ba ya karo da ko ɗaya daga gaɓoɓi huɗun, ba ma cire maki. Bambancin shi ne ko kuskuren ya rushe maganar da ake ba maki, ko kuwa a gefenta kawai yake zaune.

Rubutun kalma kuma muna karɓar duk wanda idan aka furta shi osmosis zai fito, muddin bai koma wata kalmar fanni ba. Wanda ya rubuta filasmolisis a wurin himolisis ba kuskuren harafi ya yi ba, ya kira kishiyar abin da ya faru ne, domin filasmolisis janyewar tantani ce daga bango idan sel na tsiro ya rasa ruwa.

Litinin, 17 ga Maris

Takardu biyu na ware yau don in kai wa babban malaminmu.

Ta farko ba ta da matsala, daɗi kawai ta yi mini. Ɗalibar ta ce ruwa yana shiga ƙwayar jini da sauri ta ƙofofin akwaforin da ke cikin tantaninta. Gaskiya ne, a jajayen ƙwayoyin jini ne ma Peter Agre ya gano wannan furotin, abin da ya ba shi rabon kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2003. Ba ya cikin manhajarmu, ba ya ƙara mata maki. Kuma ga shi ta manta ba ta ambaci bango ba ko sau ɗaya, biyu bisa huɗu. Hannuna ya so ya ƙara, na hana shi. Irin wannan ne takardu shidan da ke gabana suke tsare ni daga gare shi.

Ta biyu ita ce ta gardama. Ɗalibin ya rubuta: “Sel na tsiro kamar buladar ƙwallo ce a cikin fatarta, ko an yi ta hura iska fatar za ta riƙe. Ƙwayar jini bulada ce babu fata.” Babu kalmar bango, babu matsi. Amma duk wanda ya rubuta wannan ya ga abin a idon zuciyarsa fiye da rabin ajin. Tsarin ya ce sai an ambaci bango. Babban malaminmu ya karanta sau biyu ya ce: “Malam, fahimta ce muke biya, amma sai ta fito a bayoloji. Fatar nan mece ce a jikin sel? Bai faɗa ba.” Hukuncinsa shi ne a ba shi makin fashewa, domin ma'anar cewa ƙwayar jini ba ta da rufin waje mai ƙarfi ta fito sarai, a hana makin bango, domin wannan makin na wanda ya san wane sashe ne ke yin aikin. Na yarda da rabin farko. Rabi na biyu har yanzu ina juya shi, domin rufin da ya isa a gane rashinsa a ƙwayar jini, ban ga abin da ya hana a gane samuwarsa a sel na tsiro ba. Amma hukunci ɗaya ake bi, na bi. Mun sa takardar cikin na misali, sun zama bakwai.

Laraba, 19 ga Maris

Mun wuce rabi. Babban malaminmu ya cusa kwafin wasu takardun da aka riga aka yanke makinsu a cikin tarin kowannenmu ba tare da alama ba, don a ga ko hannu ya fara zamewa. Ya zame, kuma ta ɓangare ɗaya ga dukanmu: makin alƙibla muna bayar da shi yanzu ga jimlar “daga inda aka fi yawa” ko ba a warware ta ba. Bayan ka karanta ta sau da dama sai kunnenka ya saba, ta fara yi maka kamar cikakkiyar magana. Wannan zamewar kaffa tsakanin mu biyu ba zai kama ta ba, tunda tare muka zame, dacewarmu tana nan lafiya lau. Takardar da aka daskarar da makinta tun farko ce kaɗai ke nuna ta.

Mun koma kan duk takardun da muka yi tun ranar Litinin, makin alƙibla kawai muke sake dubawa. Saboda mun rubuta kowane maki a gurbinsa, ba sai mun sake karanta amsar duka ba, inda aka sa e ne kawai muke buɗewa.

Jumma'a, 21 ga Maris

An gama bi na farko. Saura takardun zaman gwaji na ranar 6 ga wata, waɗanda aka yi wa maki kafin ka'idar kariya da ta karo da juna su shiga tsari, dole a sake su da tsarin ƙarshe don kada makin ɗalibi ya dogara da inda takardarsa ta faɗo a cikin tari.

Ginshiƙan huɗu sun nuna abin da jimla ba za ta nuna ba. Makin suna kusan kowa ya ci, wato bai bambance kowa da kowa ba. Makin bango ne ya fi raba ɗalibai, kuma yawancin waɗanda suka rasa shi ba shiru suka yi ba, cewa suka yi bango ya toshe ruwa ko suka tsaya a kariya. Na rubuta wa malaman ajin cewa a sake wannan gaɓar da gwaji: ɓawon albasa ja a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ɗiga masa ruwan gishiri mai kauri a ga tantani ya janye daga bango, sannan a mayar da zallar ruwa a ga ya sake cika. Wanda ya ga ruwa ya fita ya dawo ta cikin bangon da idonsa, da wuya ya sake cewa bangon toshewa yake yi.

Ga mai tsara tambaya kuma shawara biyu. Ta farko ita ce ta abokiyar aikina, a ba bango maki biyu, ɗaya na cewa ruwa ya shiga sel na tsiro, ɗaya na jure matsi. Ta biyu, a raba tambayar gida biyu, (a) me ya faru da ruwan, (b) me ya sa sakamakon ya bambanta, don ɗalibin da ya san alƙibla ya san ana so ya faɗe ta.

Ranar Litinin za mu karɓi tambaya ta takwas, ta aikin inzayim idan zafi ya wuce kima. Na leƙa takardu kaɗan, tuni na ga “zafi ya kashe inzayim ɗin” a wurare da dama. Inzayim furotin ne, ba shi da rai balle a kashe shi, siffar wurin da yake kama abin aikinsa ce ke lalacewa. Kafin mu fara gwajin takardu 40 sai mun yanke ko “kashe” tana rushe makin lalacewar siffa idan ɗalibin ya kawo bayanin siffar daidai a jimla ta gaba, ko kuwa za mu ja mata layi kawai mu wuce.